Darasi Na Tara: Yadda Wayarki Za Ta Karɓi Kuɗin Kati Ba Tare Da Na'urar POS Ba

Manufar darasi: A ƙarshen wannan zama, kowace mace za ta iya duba ko wayarta tana iya karɓar kuɗin kati, ta san matakan karɓa, kuma ta san lokacin da za ta miƙa kaya da lokacin da za ta riƙe abinta.

Tsawon lokaci: Awa ɗaya da rabi.

Abin da za a kawo: Wayar Android ko da guda biyu ce, katin banki na duk mai shi, littafin ciniki da biro.

Abin da ya kawo wannan darasi

Kafin na fara aikin zagaya ƙungiyoyin adashi, ni ma 'yar kasuwa ce, har yau kuma ban daina ba. Ina sayar da man gyaɗa da ƙuli-ƙuli a kasuwar garinmu da ke ci mako-mako. Ba na jin akwai wadda ta manta farkon shekarar 2023 a cikinmu, lokacin da aka sauya fasalin Naira, takardar kuɗi ta yi wuyar gani. A wata ranar kasuwa mutum uku suka tsaya a gabana, kowa ya gama ciniki, kowa ya zaro katin banki, ni kuwa ba ni da abin karɓa. Na tura su wurin mai POS, suka tarar da layi kuma babu tsabar kuɗi a hannunsa. Haka na koma gida da jarkata kusan a cike.

Bayan haka na nemi na'urar POS. Aka ce sai na ajiye kuɗin jingina, kuma sai cinikina ya riƙa kai wani adadi, in ba haka ba a karɓe na'urar. Mai cin kasuwa sau ɗaya a mako ba ta iya cika wannan sharaɗi. Daga baya ne na koyi cewa wata wayar, ita kaɗai, tana iya yin aikin na'urar. Abin da zan nuna muku ke nan yau, da amfaninsa da kuma inda ƙarfinsa ya tsaya.

Yadda abin yake aiki

Na'urar POS aiki uku take yi. Tana karanta kati, tana aika saƙo zuwa banki, sannan tana nuna amsar da banki ya bayar. Wayar Android dama tana iya biyu na ƙarshe, tunda tana da data kuma tana da fuska. Abin da ya rage shi ne karanta katin.

A cikin wasu wayoyi, a jikin murfin baya, akwai wani siririn zaren ƙarfe da aka naɗe. Ido ba ya ganinsa. Sunan da za ki gani a rubuce a waya shi ne NFC. A cikin wasu katunan banki ma akwai irin wannan zare. Katin ba shi da batir. Idan aka kusanto da shi bayan waya, tazarar da ba ta wuce faɗin yatsu biyu ba, sai ya sami ɗan ƙarfin lantarki daga wayar, ya farka, su yi magana. Shi ya sa ba a zura katin a ko'ina, ɗora shi kawai ake yi.

Daga nan manhajar da ke cikin wayarki ta aika saƙo ta data zuwa bankinki ko kamfanin da ya yi miki rajista. Su kuma su tambayi bankin mai kati: akwai kuɗin nan a asusunsa? Idan ya amsa da e, sai fuskar wayarki ta nuna Approved, wato an amince. Idan ya ƙi, ta nuna Declined, wato an ƙi. Duk wannan a cikin 'yan daƙiƙoƙi ne idan sabis yana da kyau.

Idan kin je banki tambaya, sunan da suka fi sani shi ne SoftPOS. Kamfanin katin Visa yana kiransa Tap to Phone, na Mastercard kuma Tap on Phone. Duk abu ɗaya ne.

Wata a wani zama ta tambaye ni, “Malama, to ba za a ce na kwashe sirrin katin mutum a wayata ba?” Tambaya ce mai kyau, domin masu saye ma za su yi miki ita. Manhajar ba ta ajiye cikakkiyar lambar kati a inda za ki gani. A rasit, yawancin lambobin a rufe suke, sai huɗun ƙarshe ne kike amfani da su. Kuma duk lokacin da aka ɗora kati, yana ƙirƙirar wata lambar shaida ta wannan ciniki kaɗai, wadda ba ta sake yin aiki. Ba za ki iya sake cirar kuɗin mutum bayan ya tafi da katinsa ba.

Abu uku da dole su haɗu

Kamar murhu ne, in dutse ɗaya ya rasa tukunya ba ta zama.

*Na farko, waya mai NFC.* Ƙaramar waya mai maɓallai ba ta yi. Wayar Android ma ba kowace ba, domin da yawa daga cikin masu araha ba a saka musu shi. Girman waya ko kyanta ba shi ne hujja ba. Ga yadda ake dubawa: ki shiga Settings, ki taɓa wurin nema da ke sama, ki rubuta NFC. Idan ya fito da maɓallin kunnawa, wayarki tana da shi, sai ki kunna. Idan bai fito ba, babu shi, kuma babu wata manhaja da za ta saka miki shi. Duk mai gyaran wayar da ya ce ki kawo kuɗi ya ɗora miki, kuɗinki kawai zai ci, domin abu ne da ake haɗawa tun daga masana'anta. Waya biyu ma suna iya zama da suna iri ɗaya, ɗaya tana da shi ɗaya babu. Don haka in za ki sayi waya, ki duba da idonki a shagon kafin ki biya. Gani ya kori ji.

*Na biyu, kati mai alama.* Ki duba gaban katin ko bayansa. Za ki ga wasu layuka huɗu masu lanƙwasa a jere, daga ƙarami zuwa babba, kamar jinjirin wata huɗu. Katin da ke da wannan alama shi ne ake iya ɗorawa. Wanda ba shi da ita sai an zura shi a na'ura, waya kuwa ba ta da bakin zura kati. Nan ne babbar iyakar wannan hanya take: na'urar POS tana karɓar kati iri biyun, waya kuma iri ɗaya kawai. A garuruwanmu har yanzu mutane da yawa tsohon kati ne a hannunsu. Wani kuma katinsa yana da alamar, amma bankinsa bai buɗe masa wannan aiki ba sai ya nema.

*Na uku, rajista ta gaskiya.* Manhajar ba ta aiki sai banki ko kamfani mai lasisin Babban Bankin Nijeriya, CBN, ya yi miki rajista a matsayin 'yar kasuwa. Za su nemi BVN da NIN, kowanne lamba 11 ce, da lambar wayarki da asusun da kuɗi zai riƙa shiga. Wasu suna neman takardar rajistar kasuwanci ta CAC. Ki je da ƙafarki, ki sa ma'aikacin ya nuna miki sunan manhajar a Play Store. Kada ki karɓi manhajar kuɗi da wani ya turo miki ta WhatsApp ko ya tura miki daga wayarsa, ko da ɗan uwa ne.

Manhajar tana da nata sharuɗɗan. Takan ƙi tashi a wayar da ta tsufa sosai, ko wadda masu gyara suka taɓa tsarin cikinta. Takan nemi ki sa wa wayar makulli, kuma ki kunna Location domin a san inda ake cinikin. Wannan ba matsala ba ce, tsaro ne.

Matakan karɓar kuɗi

1. Tun daga gida ki tabbatar waya ta cika da caji, akwai data, kuma NFC a kunne yake.
2. Bayan an gama ciniki, ki buɗe manhajar ki rubuta kuɗin. Ki ƙirga sifili da kyau. Tsakanin 4,500 da 45,000 sifili ɗaya ne.
3. Ki juya fuskar wayar ga mai saye, ki faɗi kuɗin da baki: “Alhaji, Naira dubu huɗu da ɗari biyar ne, ka gani?” Sai ya amsa kafin a ci gaba.
4. Shi da kansa zai ɗora katin a bayan wayar. Kada ki karɓi katin mutum. Ya riƙe shi a kwance, kada ya motsa, har sai wayar ta yi ƙara ko ta girgiza.
5. Idan manhajar ta nemi lambar sirri, ki miƙa masa wayar ya danna da kansa, ke kuma ki kau da kai. A wasu manhajojin lambobin a hargitse suke fitowa, ba a jere ba. Da gangan aka yi, don kada na gefe ya gane daga motsin yatsa. Ki gaya masa ya duba kafin ya danna.
6. Ki karɓi wayarki, ki karanta da idonki. Sai kin ga Approved, kuma kuɗin da ke ƙasa ya yi daidai.
7. Sannan ki miƙa kaya. Ki rubuta a littafi: kuɗin, lokaci, da lambobi huɗun ƙarshe na katin. Babu takardar rasit, amma manhajar tana iya tura rasit zuwa wayarsa, ko ya ɗauki hoton fuskar wayarki.

Wurin ɗora katin ya bambanta daga waya zuwa waya. A wasu yana kusa da kyamara, a wasu a tsakiyar baya. Ki gwada a gida da ɗan ƙaramin kuɗi har ki gano wurin, ki riƙe shi a ka. Rigar waya mai kauri, ko mai zoben ƙarfe a baya, tana tare hanya. Ranar kasuwa ni cire tawa nake yi.

Yaushe ake neman lambar sirri?

A watan Yunin 2023 CBN ya fitar da ƙa'idar biyan kuɗi ta ɗora kati. Ya ce abin da za a iya biya ba tare da tantance mai kati ba kada ya wuce Naira 15,000 a ciniki ɗaya, kuma kada jimillar ta wuce Naira 50,000 a yini. Wannan iyaka ta mai kati ce, ba ta cinikinki ba. Ba wai an hana ki sayar da kayan Naira 20,000 ba ne. Ma'anarta, idan kuɗin ya haura iyakar sai mai kati ya tabbatar shi ne, galibi da lambar sirrinsa. Wani bankin kuma yana neman lambar ko da kuɗin kaɗan ne. Dalilin iyakar shi ne katin da ya faɗi ko aka sace, don kada mai tsintuwa ya kwashe komai.

Wannan ya shafe ki kai tsaye. Idan baƙo ya ce ki raba masa cinikin Naira 28,000 gida biyu, 14,000 sau biyu, don kada a nemi lambar sirri, ki ƙi. Mai kati na gaskiya ya san lambarsa. Idan katin na sata ne, ranar da mai shi ya kai ƙara, asusunki za a fara dubawa, kuma ana iya janye kuɗin bayan kaya sun daɗe da tafiya.

Wata ranar kasuwa, daki-daki

Bari na ba ku labarin wata rana daga littafina, domin a cikinta na koyi darasin da ya fi kowanne.

Da safe wata malamar makaranta ta sayi mai na Naira 4,500. Ta ɗora kati, waya ta yi ƙara, Approved ya fito. Ba a nemi lambar sirri ba.

Sai wani mai sari ya ɗauki na Naira 18,000. Ya ɗora walat ɗinsa gaba ɗaya a bayan wayar, ba ta amsa ba. Ashe kati biyu ne a ciki, wayar ta rasa da wanne za ta yi magana. Na ce, “Malam, fito da guda ɗaya.” Ya fito da shi, ta karanta, ta nemi lambar sirri tunda kuɗin ya wuce 15,000. Ya danna, aka amince.

Kafin azahar na yi wasu biyu, na Naira 9,000 da na Naira 12,500, duk lafiya.

Da la'asar wani dattijo, wanda na sani a fuska, ya sayi na Naira 7,000. Ya ɗora kati, wayar ta yi ta juyi, ta daɗe, sannan ta nuna Declined. A ƙasa an rubuta Issuer or switch inoperative. Kafin na buɗe baki sai wayarsa ta yi ƙara. Ya nuna mini alat, an cire masa Naira 7,000.

Ya ce, “'Yata, ga shi an cire. Ba ni kayana in tafi.”

Na ce, “Baba, na ga alat ɗinka, kuma ban ce ƙarya kake ba. Amma duba nan, a wurina bai shigo ba.”

Ya ce, “To ina kuɗina suka tafi?”

Mutane suka fara taruwa. Gaskiya na ji nauyi, domin sa'an mahaifina ne. Amma na buɗe jerin cinikin ranar a cikin manhajar, na nuna masa huɗu da aka amince da su, da nasa a ƙasa da aka ƙi. Na yi masa bayani cewa bankinsa ya cire kuɗin, amma amsar ta katse a hanya kafin ta iso, don haka kuɗin ba su zo wurina ba, kuma bankinsa ne zai mayar masa. Na rubuta masa a takarda: kwanan wata, lokaci, Naira 7,000, da lambar da ke jikin rasit mai suna RRN, wadda lamba 12 ce. Da ita banki yake gano cinikin. Na kuma ba shi lambar wayata.

Ban sa shi ya sake ɗora katin ba. Idan bankin mutum yana cikin matsala, sake gwadawa na iya sa a cire masa sau biyu. Na ajiye masa man a gefe, na ce in yana da tsabar kuɗi ya ɗauki abin da suka kai. Ya ɗauki kwalba ɗaya ya tafi ransa ba daɗi. Mako na zagayowa ya dawo ya ce an mayar masa da kuɗinsa washegari, ya ɗauki sauran.

Da na ba shi kayan saboda kunya, da shi an mayar masa da kuɗinsa, ni kuma na yi asarar man Naira 7,000, kuma da wane baki zan bi dattijo in ce ya sake biya? Ku riƙe wannan: alat ɗin mai saye shaida ce cewa an cire masa, ba shaida ba ce cewa an ba ki. Shaidarki ɗaya ce, abin da fuskar wayarki ta nuna. Tun watan Yunin 2020 CBN ya umarci bankuna su warware irin wannan matsala ta POS cikin awa 72. Idan kwana uku suka wuce ba a mayar ba, mai kati ya je bankinsa da takardar da kika rubuta masa.

Wani lokacin kuma wayar ba ta nuna ko ɗaya ba, sabis ne ya ɗauke a tsakiya. Nan ma kada ki miƙa kaya kuma kada ki sake ɗorawa. Ki jira sabis ya dawo, ki buɗe jerin ciniki, ki ga a wane gida cinikin ya faɗa.

Abin da rubutun fuska yake nufi

Kalmomin da Turanci suke fitowa, don haka mu haddace kamanninsu. Wata manhajar takan haɗa da lamba.

- Approved, ko 00: an amince. Miƙa kaya.
- Insufficient funds, ko 51: kuɗin asusunsa bai kai ba. Ki gaya masa a hankali, ba a gaban mutane ba.
- Incorrect PIN, ko 55: ya yi kuskuren lambar sirri. Ki tuna masa cewa kuskure sau uku yakan sa a rufe kati.
- Issuer or switch inoperative, ko 91: bankinsa ko hanyar zuwa bankin ba ta amsawa. A biya ta wata hanyar.

Wadda karatun boko bai yi mata nisa ba, ta sa a rubuta mata Approved da manyan baƙaƙe a bangon littafinta, ta riƙa kwatantawa. Kada ki dogara da launi kawai, ko da ƙarar da waya ta yi. Ƙarar farko tana nufin an karanta kati ne, ba an biya ba.

Nawa ake cirewa, yaushe kuɗi ke shiga?

Ba kyauta ba ne. A kowane ciniki ana cire wani kaso daga kuɗinki. A jadawalin cajin banki da CBN ya fitar wanda ya fara aiki a Janairun 2020, kason 'yan kasuwa kan cinikin kati rabin kashi ɗaya ne cikin ɗari, kuma ba ya wuce Naira 1,000 a ciniki ɗaya. A sauƙaƙe, Naira 5 ke nan a kowace Naira 1,000. Ki tambayi wanda zai yi miki rajista nasa cajin, ki sa ya rubuta miki a takarda.

Mu yi lissafin ranar da na ba ku labari da wannan ma'auni:

- 4,500 + 18,000 + 9,000 + 12,500 = Naira 44,000.
- Dubu 44, kowace a cire Naira 5: Naira 220.
- Abin da ya kamata ya shiga asusu: Naira 43,780.

Na dattijon ba ya cikin lissafi, domin ba a amince da shi ba. Kowace yamma ina haɗa abu uku: littafina, jerin cinikin manhajar, da abin da ya shiga asusu. Idan ɗaya ya saɓa, a ranar nake kiran waɗanda suka yi mini rajista, ba sai mako ya zagayo ba.

Ki kuma tambaya yaushe kuɗi ke shiga. A wasu wurare nan take ne, a wasu sai ranar aiki ta gaba. Idan kasuwarku Juma'a take ci kuma naki na ranar aiki ta gaba ne, to sai Litinin za ki ga kuɗin. Mai zubin adashi ranar Asabar ta yi la'akari da wannan. Sannan ki tuna, kuɗin da ya shiga asusu, in za ki ciro shi don sayen gyaɗa a hannun manomi, mai POS ma zai ɗauki nasa. Ki haɗa caji biyun kafin ki ce kin ci riba.

Abu uku da ba a yi

Kada ki mayar da wayarki wurin cirar kuɗi. Rajistar 'yar kasuwa ta sayar da kaya ce. Ba wa mutum tsabar kuɗi ya ɗora kati aikin wakilin banki ne, rajistarsa daban. Idan suka lura, suna iya rufe miki asusu da kuɗinki a ciki har sai an gama bincike.

Kada ki ara wa wata manhajarki ta karɓi kuɗin nata cinikin. Duk rigimar da ta taso, sunanki da BVN ɗinki ne a rubuce. Haka nan kuɗin zubin ƙungiya ba ya bi ta asusun kasuwancin mutum ɗaya, ko da ma'ajiya ce.

Kada ki faɗa wa kowa lambar buɗe manhajar, ko lambar da aka turo miki ta saƙo, ko da ya kira ya ce daga banki yake. Idan yara suna ɗaukar wayar su yi kallo, lambar buɗe waya daban, ta manhaja daban. Ranar da waya ta ɓata, ki kira waɗanda suka yi miki rajista su rufe manhajar, sannan ki sa a rufe layin. Lambar kiransu ta kasance a littafi, ba a cikin wayar kaɗai ba.

Shin ya dace da ke?

Idan wayarki tana da NFC, kuma sabis yana kamawa a rumfarki, gwadawa ba za ta ci miki kuɗi mai yawa ba. Amma idan sai kin sayi sabuwar waya, kada ki ɗauki rancen ƙungiya tukuna. Ki fara ƙirga. Ranar kasuwa huɗu a jere, duk wanda ya nemi biya da kati ki ja layi a littafi. Ki roƙe shi ya nuna miki katin. In yana da alamar layuka huɗu, ki zagaye layin. Ki rubuta kuɗin cinikin, da kuma ko ya tafi bai saya ba.

A ƙarshe ki haɗa ribar da kika rasa daga waɗanda aka zagaye kaɗai, waɗanda kuma suka tafi ba su saya ba. Misali, idan mutum biyu ne a mako, ribar kowanne Naira 600, to Naira 1,200 ce a mako, 4,800 a mako huɗu. Ki raba kuɗin wayar da wannan adadi, ki ga wata nawa za ta ɗauka kafin ta biya kanta. Idan watannin sun wuce wa'adin biyan rance, ki haƙura sai lokacin da dama za ki sauya waya, sannan ki zaɓi mai NFC.

Aikin rukuni (minti 30)

1. Duk mai wayar Android ta shiga Settings ta nemi NFC. Sakatariya ta rubuta waya nawa ke da shi.
2. Kowa ta duba katinta a hannunta, ba tare da miƙa wa kowa ba. Kati nawa ke da alamar?
3. Mutum biyu su fito su yi wasan kwaikwayo. Ɗaya mai kaya, ɗaya mai saye da ke nuna alat alhali waya ta nuna Declined. Sauran su saurara: wace magana ce ta kare kayan ba tare da an ci mutuncin mai saye ba?

Tambayoyin tattaunawa

- A kasuwarku, a wane gefe sabis ya fi kamawa, kuma na wane layi?
- An yi cinikin kati na Naira 6,000 da na Naira 14,000. Idan ana cire Naira 5 a kowace dubu, nawa zai shiga asusu?
- Idan mai sayen surukinki ne ko mai unguwa, kuma waya ta nuna Declined, me za ki ce masa?

Aikin gida: Ki fara ƙirgar ranar kasuwa huɗu daga wannan makon, ki kawo littafin a zaman da ya biyo bayan kammalawa, mu yi lissafin tare kafin kowa ta nemi rance.